Sun biya ni sau ɗaya, in zuba musu kuɗin shagona?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, a Gwammaja nake. Ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa a gida da kuma ta waya. Matar yayana ce ta saka ni a wani zauren WhatsApp na zuba jari. Sun ce a kirifto da canjin dala suke juya kuɗin, ribar kashi 30 cikin 100 duk sati biyu, kuma uwar kuɗi ba ta taɓuwa. Na gwada da naira dubu 20, ranar da suka faɗa kuwa sai ga alat na dubu 26. Na sake saka dubu 50, tana ciki yanzu. To sun buɗe wani babban tsari na dubu 400 zuwa sama, wai ranar Juma'a za su rufe. Ina da dubu 400 ɗin, kwasar adashena ce da abin da na tara don in kama shago. Ita matar yayan nawa har sarƙarta ta sayar ta zuba, kullum sai ta kira ni. Sun turo takardar rajistar kamfani, da safe ma ayoyi suke sakawa. Zuciyata ta kasu biyu, kuma ina jin nauyin ce mata a'a. Yaya zan yi?

Daga ƙanwarki, mai atamfa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki tura musu ko sisi, Juma'ar ta zo ta wuce kuɗinki na hannunki. Na sa wannan a gaba ne don ko ba ki samu sukunin karanta sauran a yau ba, ki riƙe shi.

Akwai wata yarinya sa'arki da na sani a wajen Ɗorayi, mai haɗa turaren wuta da humra. A Kasuwar Kurmi take sayo kayan haɗi, ta dafa a gida, ta ɗura a kwalabe ta kai gidajen biki. Ƙawarta ta Islamiyya ce ta saka ta a wani zaure irin naku. Mutum sun fi ɗari biyu a ciki, amma in ta duba ƙasa sai ta ga an rubuta "Only admins can send messages", wato masu kula da zauren ne kaɗai ke iya magana. Sau ɗaya a rana, da daddare, suke buɗe ƙofa na ɗan lokaci, sai hotunan alat su yi ta zubowa: wannan ta ce Allah ya saka da alheri ta sayi firji, wancan ya ce ya biya kuɗin haya. Ta yi kwanaki tana kallo ba ta ce komai ba. Daga baya ta saka ɗan abin da ba zai dame ta ba, aka biya ta har da riba a kan lokaci. Ta sake sakawa, aka sake biya. A nan zuciyarta ta kwanta, har ta fara lissafin injin ɗin da za ta saya da irin kwalaben da za ta yi oda.

Ranar da ta yanke shawarar zuba duk abin da ta tara, kuɗin a hannu suke, don masu sayen turare da yawa tsaba suke ba ta. Sai ta ƙulle su a jaka ta nufi wajen mai POS na bakin layinsu. Ta karanto masa lambar asusun da aka turo da safe, ya danna, sunan ya fito, ya juyo mata da na'urar ya ce, "Hajiya, wannan ne?" Sunan wani mutum ne, ba sunan kamfani ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne ba sunan da ta tura wa a karo na farko ba ne, ba kuma na karo na biyu ba. Ta buɗe tsofaffin rasit ɗinta a waya ta duba: sau uku, sunaye uku, bankuna uku. Mai POS ɗin, yaro ne mai natsuwa, ya ce mata shi dai aikinsa turawa, amma mata da yawa sun zo da irin wannan a 'yan kwanakin nan, kuma kullum sunan sai ya canza. Ta ce ya dakata, ta mayar da kuɗinta jaka ta koma gida.

Da daddare da aka buɗe zauren, ta rubuta tambaya cikin ladabi. Ta ce don Allah a ina ofishin yake a Kano tana son ta je, kuma me ya sa asusun ba ya ɗauke da sunan kamfani. Ba a yi minti biyar ba saƙon ya ɓace, aka bar "This message was deleted by admin" a gurbinsa. Sai wata mai kula da zauren ta biyo ta ta gefe da murya mai daɗi, tana ce mata 'yar'uwa kada ki bari shaiɗan ya hana ki arziki, masu hassada ne ke yaɗa shakka. Da ta nace a kan tambayarta, ta wayi gari an cire ta. Ƙawar tata ta yi fushi da ita sosai, ta ce ta kunyata ta. Ba a rufa sati biyu ba aka sanar da 'yan zauren cewa ana gyaran na'ura, a yi haƙuri da cire kuɗi. Bayan nan aka ce duk mai son kuɗinsa ya fito sai ya biya kuɗin tantancewa. Wasu suka ranto suka biya. Daga nan lambobin suka daina shiga. Ita tana nan tana dafa turarenta. Ƙawar kuwa har da kuɗin mahaifiyarta a ciki.

Na san abin da ke riƙe da ke shi ne dubu 26 ɗin nan da kika gani da idonki, don haka mu zauna a kanta. Ɗauka mutum 100 ne suka gwada da dubu 20 kamar yadda kika yi. Naira miliyan 2 ke nan ta shiga hannun masu zauren. Bayan sati biyu suka mayar wa kowa dubu 26, jimla miliyan 2 da dubu 600. A ido sun yi asarar dubu 600. To amma yanzu suna da mutum 100 da suka yarda da su, masu rantsuwa a gidajen suna da na biki cewa abin gaskiya ne. In 30 kacal daga cikinsu suka shiga babban tsarin da dubu 400, naira miliyan 12 ta taru. Wa zai ƙi kashe dubu 600 ya kwashi miliyan 12? Dubu 6 da aka ɗora miki tsabar da ake watsa wa kaza ce don ta matso kusa da hannu. Kuma ba daga cinikin dala ta fito ba, daga kuɗin wata baiwar Allah da ta shiga bayanki aka yanko ta. Haka tsarin yake tafiya: kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi da shi. Muddin masu shiga sun fi masu cirewa, alat zai yi ta sauka. Ranar da masu shiga suka ragu, ko masu zauren suka ga tulin ya kai yadda suke so, sai a rufe. Babban tsari mai wa'adin ranar Juma'a ya fi komai tayar mini da hankali a wasiƙarki, domin irin wannan kiran na a kawo manyan kuɗi cikin gaggawa yawanci gab da rufewa ake yin sa.

Ke 'yar kasuwa ce, kin fi ni sanin abin da turmi ɗaya yake kawowa. A ce kin saro shi dubu 15 kin sayar dubu 17. Daga dubu 2 ɗin nan za ki cire kuɗin adaidaita sahu zuwa Kwari da dawowa, da leda, da katin waya, da mai bashin da sai ta ga dama ta biya, da turmin da zai kwana wata uku don launinsa bai karɓu ba. Yanzu ɗauki alƙawarinsu. Dubu 400 da ƙarin kashi 30 ta zama dubu 520 a sati biyu. In aka bar ta tana juyawa haka har shekara, wato sau 26, za ta haura naira miliyan 360. Duk wanda yake da sana'ar da ke mayar da dubu 400 miliyan 360 a shekara ba ya bukatar adashen mai atamfa a Gwammaja. Manyan 'yan Kwari da na Singa da na Wapa da suka kwana suka tashi a harkar kuɗi da tuni sun rufe shagunansu sun bi shi. Kwatanta da Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi: kashi 16.47 cikin 100 ya riƙa bayarwa a shekara guda cur. A kan dubu 400 ɗinki, wajen dubu 66 ke nan a shekara, ƙasa da dubu 6 a wata. Su kuma sun ce dubu 120 a kwana 14.

Ba yau aka fara ba. MMM, wani tsarin zuba kuɗi irin wannan, kashi 30 a wata ta yi alƙawari, rabin na zaurenku ke nan ma, ta kuma biya mutane na tsawon watanni kafin ta daskarar da asusunsu a Disambar 2016. Hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna ta ce 'yan Najeriya wajen miliyan 3 ne suka yi asarar kusan naira biliyan 18 a ciki. A Afrilun 2025 wata irinta mai suna CBEX ta rufe da kuɗin jama'a bayan alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan suka kwashe kujeru don takaici. Dukkansu sun biya na farko. Da ba su biya ba, wa zai kawo na biyu?

Takardar da suka turo kuwa, ko da ta gaske ce, ba ta ce komai a kan kuɗinki ba. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, shaida ce kawai cewa an yi wa wani suna rajista, irin wadda ke ma za ki iya yi wa sana'ar atamfarki. Ba lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya musu ba ce. Mai ba da wannan izinin ita ce SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari da hannayen jari, kuma tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta, sec.gov.ng. Ki shiga da kanki, ba ta mahaɗin da suka turo miki ba, ki nemi sunan. In babu shi, magana ta ƙare. In ma akwai, ba a gama ba, don 'yan damfara suna aron sunan kamfanin kirki su liƙa a zaurensu. Abin da ke raba gardama shi ne asusun da ake turawa. Kamfanin gaske da sunansa yake karɓar kuɗi, yana da ofis da za ki taka ki shiga, yana ba ki takarda mai ɗauke da sunanki. Ki buɗe rasit ɗinki biyu yanzu, na dubu 20 da na dubu 50, ki ga sunan wa ke jiki. Ki sani kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi.

Ayoyin safe sun fi ba ni haushi, don sun san da wa suke magana. Sun san 'yar Kano in ta ga an fara da Bismillah ta kan saki jiki. To ki auna su da ma'aunin addinin da suka ara. A ƙiradi, wato ki ba mutum jari ya yi kasuwanci ku raba riba, abin da ake yankewa tun farko shi ne rabon ribar da za a samu, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ba wani adadi tsayayye a kan jarin ba. In aka yi asara ba da sakacinsa ba, mai jari ce ke ɗauka, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. Wanda ya ce miki ribarki kaza ce tabbas kuma uwar kuɗi ba ta taɓuwa ya fita daga wannan babin gaba ɗaya. Abin da ya siffanta bashi ne mai jawo ƙari, ko da da gaske yake kasuwancin. Ki kai wa malamin da kike karatu a wajensa wannan maganar yadda take, ki kuma tambaye shi hukuncin dubu 6 da ke hannunki. A nawa ganin ba taki ba ce, kada ki cuɗa ta da jarinki.

Sai dubu 50 da ke ciki. Ranar da wa'adinta ya cika ki nemi a turo miki duka, uwa da riba, kada ki yarda a ce a sake juya miki ita ko a haɗa ta da babban tsarin. Kafin nan kada ki yi musu gardama a zaure, kada ki ce kin gano su, don kin ji abin da ya samu mai turare da ta yi tambaya. Ki yi shiru ki ɗauki hoton komai: alƙawuran da suka rubuta, lambobin masu kula da zauren, lambobin asusu da sunayen da ke kansu, rasit ɗinki. Mai yiwuwa su biya ki, tunda suna hangen dubu 400. In sun biya, kada hakan ya sauya miki ra'ayi, kin riga kin ga lissafin dalilin biyan. In kuma suka ce sai kin biya haraji, ko kuɗin cirewa, ko kuɗin buɗe asusu kafin kuɗinki ya fito, kada ki biya. Mai riƙe da dubu 50 ɗinki da gaskiya zai cire cajinsa daga ciki ya turo sauran. A ranar ki kira bankinki ko ki je reshe ki shigar da ƙorafin damfara da rasit a hannu, domin su tuntuɓi bankin da ya karɓa ko a samu a tsare asusun, sannan ki kai rahoto ofishin EFCC na Kano. Gaggawa ce ke aiki a nan, don irin waɗannan asusun ba sa barin kuɗi ya kwana. Ba zan ɓoye miki ba, sau da yawa kuɗin ba ya dawowa. In dubu 50 ta tafi za ki ji zafinta, amma shagonki yana nan. Kada son ceto ta ya sa ki jefa dubu 400 a bayanta.

In kin taɓa ba su BVN ko NIN ko hoton katin banki wajen rajista, ki gaya wa bankinki, ki canza lambar sirrinki. Duk wanda ya kira ki ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, wai don a tabbatar da ke a zaure, WhatsApp ɗinki yake son ƙwacewa ya roƙi masu sayen kayanki kuɗi da sunanki. Ki shiga Settings, sannan Account, ki kunna Two-step verification tun yau.

Matar yayanki ce ta fi ba ni tausayi a cikin labarin nan. Ba cutar ki take son yi ba, ta yarda ne da gaske, shi ya sa ta sayar da sarƙarta. Amma akwai abu biyu da ke tura ta. Irin waɗannan zauruka suna ba duk wanda ya kawo wani kaso daga abin da ya zuba, don haka akwai yiwuwar an yi mata alƙawarin wani abu a kanki. Na biyu, duk wanda ya zuba abin da ba zai iya jure rasawa ba yana son ya ga na kusa da shi sun shiga, don hankalinsa ya kwanta cewa bai yi kuskure ba. Saboda haka kada ki je mata da cewa an damfare ta, za ta kare su ne kamar 'yan gidansu. Game da kuɗinki, gajeriyar magana ta isa: "Anti, kuɗin nan na shago ne, na riga na yi magana da mai shagon, ba zan iya taɓa su ba." Don maganar ta zama gaskiya, ki je ki ba da kafin alƙalami a cikin satin nan in kin ga shagon da ya yi miki, ko ki saro kaya da wani kaso, sauran ki sa a asusun bankin da ba ya haɗe da manhajar wayarki. Kuɗin da ke zaune a waya ana kiran mai shi sau uku a rana ba ya daɗewa.

Game da nata kuɗin, ki roƙe ta abu ɗaya: ta nemi cire uwar kuɗinta gaba ɗaya a wannan zagayen, ta ce wata lalura ce ta taso. In abin na gaskiya ne, ba ta rasa komai ba, sai ta mayar daga baya. Ku zauna tare ku jera rasit ɗinta ku karanta sunayen asusun da ta tura wa, ki bar ta ta gani da idonta. Ki kuma roƙe ta ta daina saka mutane, don ranar da abin ya rushe ba masu zauren za a nema ba, tunda ba wanda ya san fuskarsu. Ƙofar gidan yayanki za a zo, ita za a kai gaban mai unguwa ko Hisbah ko 'yan sanda. In ta ƙi ji, wa'adin kuma yana matsowa, ki sanar da yayanki cikin sirri da ladabi, ko ki sa Umma ta kira su biyun. Za ta iya yin fushi da ke na ɗan lokaci. Ki jure.

In zauren ya rufe da kuɗinta, ku sa ran wasu za su ɓullo da sabuwar lamba, su ce su lauyoyi ne ko jami'ai ko ƙwararrun da ke dawo da kuɗin da aka sace, a biya su wani abu su fara aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo, don suna da jerin sunayen duk wanda ya zuba da adadin da ya zuba. Kai ƙorafi banki ko EFCC ba a biyan ko kwabo, kuma da ƙafa ake zuwa ofishinsu. Ki gaya mata wannan tun yanzu, kafin ranar da hankalinta zai tashi ta kama duk hannun da aka miƙo mata.